Na bi matakan DNS takwas da ake yawo da su a guruf ɗinmu, ga inda suka karye

1/
Zaren nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Magana ce a kan wani rubutu da aka turo guruf ɗin ajinmu a nan Wudil, ana saura kwana uku tes ɗin darasin netwok. Takensa: yadda burauza ke nemo adireshin shafi ta DNS, mataki takwas.

2/
Kafin la'asar an tura shi gurufa uku. Wasu har sun kwafe a bayan handawut suna haddacewa. Ni ma na fara haddar, sai mataki na huɗu ya tsaya mini a wuya. Na ce bari in gwada da hannuna tukunna, tunda ba tarihin Daular Usmaniyya ba ne da sai dai a ba ka labari. Abu ne da wayarka ke yi yanzu haka da kake karanta wannan.

3/
Ga rubutun a taƙaice. Ka rubuta sunan shafi. Burauza ta duba ajiyarta. Ta duba ajiyar kwamfuta. In babu, burauza ta tambayi sabar tushe, waɗanda guda 13 ne a duniya. Tushe ta tura ta sabar .com ko .org. Ita kuma ta tura ta sabar mai shafin. Wannan ta ba ta lambar IP. Sai shafi ya buɗe.

4/
Ya yi kyau a ido ko? Ra'ayina shi ne: irin wannan bayanin ya fi ƙarya zalla haɗari, saboda kusan duk sunayen da ke ciki daidai ne, jerin ma daidai ne. Abin da ya ɓata shi ne wa ke yin tambayar, da kuma sau nawa ake yin tafiyar. Kuma su biyun nan su ne DNS ɗin gaba ɗaya.

5/
Ga wanda ba ɗan fannin ba: kwamfutoci ba sa gane suna, lamba suke bi. DNS shi ne tsarin da ke juya suna irin ha.wikipedia.org zuwa lambar IP. Paul Mockapetris ya tsara shi a 1983, aka sake rubuta ƙa'idojin a 1987 cikin RFC 1034 da RFC 1035, kuma har yau a kansu ake. Da Wikipedia ta Hausa na yi gwajin, don kowa zai iya maimaitawa.

6/
Kayan aiki: laftof ɗina mai Windows a kan hotsifot ɗin waya, da manhajar Termux a wayar Android. A Termux za ka saka dig da wannan:

```
pkg install dnsutils
```

dig ɗan ƙaramin shiri ne da kake ce masa je ka tambayi saba kaza abu kaza, ya kawo maka amsar yadda take, ba kwaskwarima.

7/
Na fara da tambaya mafi sauƙi: wa kwamfutata ke tambaya idan ba ta san suna ba? A laftof na rubuta `ipconfig /all` na nemi layin DNS Servers. Da rubutun guruf gaskiya ne, ya kamata in ga adireshin sabar tushe a wurin. Abin da na gani lamba ce mai farawa da 192.168, wato wayar da ke kan katifata.

8/
To kun ji. Laftof wayata take tambaya, waya kuma ta miƙa tambayar ga sabar kamfanin layin da nake amfani da shi. Wannan sabar ita ake kira risolba, ni kuma ɗan aike nake ce mata. Ita ce ke zuwa tushe, ita ke zuwa .org, ita ke zuwa wajen mai shafi. Kwamfutarka tambaya ta aika ta zauna jiran amsa.

9/
Duk wanda ya taɓa raka wani Kasuwar Kara ta Wudil ranar Juma'a ya san yadda abin yake. Baƙo mai neman sa ba ya bin kowane turke da kansa. Dillali yake samu ya faɗa masa abin da yake so, ya koma inuwa. Dillalin ne ya san wa zai tambaya, wa zai nuna masa wa. Rubutun guruf ya goge dillali daga labarin ya ce mai saye ne ya zagaye kasuwa.

10/
Da na faɗi haka a guruf, wanda ya turo rubutun (abokina ne, ba faɗa muke ba) ya ce "Malam tsaya, ga hujja." Ya turo hoton allon laftof ɗinsa bayan ya yi wannan:

```
dig +trace ha.wikipedia.org
```

Kuma wallahi a hoton ga tushe, ga org, ga wikimedia, a jere kamar yadda rubutun ya ce, duk daga kwamfutarsa.

11/
Na yi shiru na kusan awa ɗaya, don hujjar ta yi kama da hujja. Sai da na karanta bayanin dig ɗin kansa na gane. Shi `+trace` umarni ne ga dig cewa ajiye ɗan aike gefe, kai ka yi aikinsa yau. Wato kwaikwayon risolba yake yi don ka ga hanyar. Ba abin da burauza ke yi yake nuna maka ba.

12/
Kamar ka bi dillali a baya ranar kasuwa ɗaya don ka ga hanyarsa, sai ka dawo gida ka ce ai duk mai saye haka yake zagayawa. Hanyar da ka gani gaskiya ce. Ƙafar da ke takawa a sauran ranaku ce ba taka ba.

13/
Na fi son yin tafiyar da hannu mataki-mataki, ya fi `+trace` koyarwa. Ga na farko. 198.41.0.4 adireshin a.root-servers.net ne, wadda Verisign ke gudanarwa:

```
dig @198.41.0.4 ha.wikipedia.org +norecurse
```

`+norecurse` na nufin faɗa mini abin da ke hannunki kawai, kar ki nemo mini.

14/
Amsa ta dawo, amma duba saman: `ANSWER: 0`. Babu amsa ko ɗaya. A sashen AUTHORITY sai layuka shida masu kama da wannan:

```
org.  172800  IN  NS  a0.org.afilias-nst.info.
```

Fassararsa: ban san Wikipedia ba, amma ga masu riƙe da duk sunan da ya ƙare da org, je can.

15/
Na ji wani a aji yana cewa sabar tushe ita ce ke da adireshin duk shafukan duniya. A'a fa. Tushe ba ta san shafi ko ɗaya irin wanda kake buɗewa ba. Jerin masu riƙe da ƙarshen sunaye take da shi: com, org, ng, ne da sauransu. Na ng yana hannun NiRA a nan Najeriya, na org yana hannun Public Interest Registry.

16/
Shi ya sa ake karanta sunan daga dama zuwa hagu. Kamar wasiƙa ce da aka rubuta wa adireshi: unguwa kaza, Wudil, Kano, Najeriya. Ma'aikacin gidan waya a wata ƙasa "Najeriya" kawai yake dubawa ya jefa a buhu. Bai san Wudil ba, kuma bai kamata ya sani ba. A Kano ne za a fara damuwa da Wudil.

17/
Batun 13 ɗin nan kuma. Sunaye ne 13, daga a zuwa m, ƙarƙashin hukumomi 12. Amma injinan da ke amsawa da waɗannan sunaye sun haura dubu, a warwatse a duniya, har a Legas akwai. Adireshi ɗaya ne ake tallatawa daga wurare da yawa, netwok ya kai ka wanda ya fi kusa ta hanyarsa. Wanda ya rubuta "kwamfutoci 13" a takardar tes, Allah ya sa malamin yana cikin farin ciki ranar makin.

18/
Mataki na biyu, na ɗauki sunan da tushe ta ba ni na tambaye shi:

```
dig @a0.org.afilias-nst.info ha.wikipedia.org +norecurse
```

Nan ma `ANSWER: 0`. Ta ce wikipedia.org yana hannun ns0.wikimedia.org, ns1.wikimedia.org da ns2.wikimedia.org. Turawa ce ta biyu. Har yanzu babu wanda ya ba ni lambar shafin.

19/
A nan akwai wani ƙulli da rubutun bai ko taɓa ba, kuma shi ya fi burge ni. An ce in tambayi ns0.wikimedia.org. To ina adireshinta? Sai na tambayi mai riƙe da wikimedia.org. Wa ke riƙe da wikimedia.org? Ita dai ns0.wikimedia.org ɗin. An kulle ɗaki, makullin yana ciki.

20/
Mafitar ita ce sabar org tana ajiye lambar IP ta irin waɗannan sabobin, ta haɗa maka da ita a sashen ADDITIONAL idan ta tura ka wikimedia.org. Masu fannin gam suke ce wa wannan bayanin, don shi ke manne sarƙar. Duk jerin matakan da ya ce "sai ta tafi saba ta gaba" bai faɗi yadda aka san adireshinta ba, ya tsallake rami ne bai gaya maka ba.

21/
Mataki na uku:

```
dig @ns0.wikimedia.org ha.wikipedia.org +norecurse
```

Wannan karon a layin flags akwai `aa`. Haruffa biyun nan su ne hatimin mai gida: ni ke da wannan suna, ba ji na yi a wajen wani ba. Na gyara zama don in ga lambar IP kamar yadda mataki na bakwai ya yi alkawari.

22/
Ga abin da ya fito:

```
ha.wikipedia.org.  86400  IN  CNAME  dyna.wikimedia.org.
```

Suna ne kuma, ba lamba ba. CNAME yana nufin wannan laƙabi ne, ga sunan yanka. Ka zo neman Ɗanlami, aka ce maka ai a takarda sunansa daban ne, da wancan sunan za ka neme shi.

23/
Don haka ɗan aike sai ya buɗe sabuwar tambaya a kan dyna.wikimedia.org. A nan ne lambar ta fito, tawa ta fara da 185.15. Kar ka ɗauka taka dole ta zo iri ɗaya. Wikimedia na da cibiyoyin sabobi a wurare da dama, ciki har da Amsterdam, Marseille, Singapore da Amurka, kuma tana duba daga ina tambaya ta fito kafin ta zaɓa maka.

24/
Wannan ya kashe wata jumla da ke ƙasan rubutun, wai "kowane suna yana da lambarsa guda ɗaya." Suna ɗaya na iya ba mutum biyu lamba daban a daƙiƙa ɗaya. Kuma burauzar zamani yawanci tambaya biyu take aikawa, A don IPv4 da AAAA don IPv6. Ban tsawaita a nan ba, ku dai san da shi.

25/
Yanzu ga babban abin da nake jayayya a kai. Rubutun ya nuna kamar duk lokacin da ajiyar kwamfutarka ba ta da suna, sai an je tushe. Koma ka dubi lambobin da ke cikin amsoshin nan: 172800 da 86400. Sunansu TTL, daƙiƙoƙi ne. 172800 kwana biyu ke nan cif, 86400 kwana ɗaya.

26/
Tushe cewa ta yi: riƙe wannan bayanin na org har kwana biyu, kar ka dawo mini kafin nan. To ka yi tunanin risolbar kamfanin layi da mutanen Kano, Wudil, Gaya da Dutse ke rataye a kanta. Tun da asuba wani ya buɗe shafi mai org. Da wuya ƙwarai a ce tambayarka ce za ta sa ta koma tushe neman org.

27/
Ga yadda za ka gani da idonka. Yi wannan sau biyu, ka bar kamar daƙiƙa 20 a tsakani:

```
dig ha.wikipedia.org
```

Duba TTL. In na biyu ya ragu da kusan 20, daga ajiya aka ba ka, agogon ƙarewarsa ne ke sauka. Kuma ba za ka ga `aa` ba, sai `ra`, don ɗan aike ne ya amsa, ba mai gida ba.

28/
Wani tarko a nan. A Termux na ga TTL yana tsalle, ya sauka ya hau, na ɗauka na gano sabon abu. Da na duba layin SERVER a ƙasan amsar sai na ga 8.8.8.8. Ashe dig na Termux ba risolbar layina yake tambaya ba, na Google aka saita masa tun farko. Ita kuma 8.8.8.8 injina ne masu yawa a bayan lamba ɗaya, ba lalle ajiya ɗaya ce ta amsa maka sau biyu ba.

29/
Don Allah duk wanda zai turo mini sikirinshot na dig a matsayin hujja, ya haɗa da layin SERVER. In ba ka san wa ya amsa ba, ba ka san me ka gwada ba. Rabin musun da muka yi a guruf daga nan ya taso: mutum uku, risolba uku, kowa na rantsuwa nasa ne daidai.

30/
TTL ɗin nan shi ne bayanin abin da masu haɗa shafuka ke ce wa "jira ya yaɗu." Ba abin da ke yaɗuwa. In ka canza lambar shafinka da ƙarfe 8 na safe, kuma TTL ɗinka 86400 ne, risolbar da ta tambaya ƙarfe 7 za ta iya ci gaba da ba mutane tsohuwar lamba har ƙarfe 7 na gobe. Wadda ba ta taɓa tambaya ba kuwa nan take za ta ba da sabuwa. Shi ya sa shafi ke buɗewa a layi ɗaya ya ƙi a ɗayan.

31/
Mai wayo kan rage TTL zuwa kamar 300, wato minti biyar, kwana ɗaya ko biyu kafin ya yi ƙaura. Wanda ya haddace matakai takwas kawai ba zai taɓa tunanin wannan dabarar ba, don a labarinsa kullum ana zuwa har wajen mai gida.

32/
Bari in faɗi inda ni na kwafsa, kar a ce na zo nuna iyawa. Na ce wa guruf matakin "duba cikin kwamfuta" ma ba shi da tasiri, saboda na ƙara layi a fayil ɗin hosts, na yi `nslookup`, bai kula layin ba. Wata 'yar ajinmu ta ce "Kai dai gwada ping." Ga layin da na saka a `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts`:

```
127.0.0.1  gwaji.test
```

33/
`ping gwaji.test` ya amsa daga 127.0.0.1 nan take. `nslookup gwaji.test` ya ce babu wannan suna. Dalili: nslookup da dig kai tsaye suke zuwa wajen risolba, ba sa karanta hosts. Ping da burauza kuwa suna mutunta shi. Rubutun ya yi daidai a wannan matakin, kayan gwajina ne bai dace ba. Na janye a guruf, an yi mini dariya, ya wuce.

34/
Ajiyar da ke cikin na'urarka ma ana iya leƙa ta. A Windows `ipconfig /displaydns` zai nuna abin da ke ciki, `ipconfig /flushdns` ya share. Chrome na da tasa daban, ana share ta a `chrome://net-internals/#dns`. Amma ka lura, duk sharar nan a gidanka ta tsaya. Ba ka da tsintsiyar da za ta kai ajiyar risolbar kamfanin layi.

35/
Kuma mataki na uku ba kullum yake tafiya haka ba a yau. In an kunna Use secure DNS a Chrome aka zaɓi wani mai bayarwa, burauza da kanta za ta aika tambayar a rufe ta HTTPS zuwa wancan risolbar. Android tun daga na 9 yana da Private DNS. Ko a nan ɗin ma ɗan aike aka canza. Burauza ba ta koma zuwa tushe da kanta ba.

36/
Wani zai ce to duk wannan me zai ƙara mini a rayuwa? Ku tuna yammacin Litinin 4 ga Oktoba 2021, da WhatsApp, Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Mutane nawa suka kashe waya suka kunna, suka sake sayen data, suka zagi kamfanin layinsu? Ni ma ina cikinsu.

37/
Abin da ya faru a cewar kamfanin kansa: wani umarni lokacin gyara ya katse babbar hanyar da ke haɗa cibiyoyinsu, sai sabobin DNS ɗinsu suka janye sanarwar hanyar zuwa gare su. Tushe lafiyarta ƙalau. Com lafiyarta ƙalau, tana ta nuna gidan. Mai gidan ne ba a iya isa ƙofarsa. Da ajiyar risolbobi ta ƙare, sai suka koma cewa SERVFAIL.

38/
Kalmar da ke gaban `status:` a amsar dig ita ke gaya maka inda ciwon yake. NXDOMAIN: an tambaya, an ce babu wannan suna, duba ko ka yi kuskuren rubutu ko rajistar sunan ta ƙare. A Chrome shi ne `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN`. SERVFAIL: ɗan aike ya fita ya kasa kawo amsar da za a yarda da ita.

39/
In kuwa dig ya yi ta jira har ya ce babu sabar da ya iya kaiwa, to ɗan aiken ne ba ka samu ba, matsalar tana kusa da kai. In ya ce NOERROR ya ba ka lamba amma shafi ya ƙi buɗewa, DNS ya gama nasa aikin, ka nemi laifin a gaba. Mataki na takwas, "sai shafi ya buɗe," ba na DNS ba ne ko kaɗan. Lamba yake miƙawa ya koma gefe.

40/
Ƙarin gargaɗi ga masu maimaita gwajin. Wasu netwok suna tare tambayoyin da ke bi ta ƙofa 53 su amsa da kansu. Alamarsa: ka tambayi 198.41.0.4 sunan shafi, sai ka ga an ba ka cikakkiyar amsa ko ka ga `ra` a flags. Tushe ta gaske ba ta yin haka. Wani ne a hanya ya sa rigarta, canza netwok ka sake.

41/
Abokina ya kawo uzurin da ya fi ƙarfi daga ƙarshe: "Ai taƙaitawa ce don tes, ba littafi muke rubutawa ba." Na yarda da rabi. A bar gam, a bar CNAME, a bar AAAA, taƙaitawa ce, ba komai. Amma a ce burauza ta yi abin da risolba ta yi, ba rage bayani ba ne, sauya shi ne. Gyaran ma kalma ɗaya yake ci.

42/
Kuma zanen da ke littattafan netwok yana da akwatin risolba a tsakiya, kibau suna fita daga gare ta zuwa tushe da sauran. Wurin kwafa daga hannu zuwa hannu ne akwatin ya faɗi. Mu da za mu fita aikin horo a kamfanoni nan da 'yan watanni, ranar da aka ce shafin ofis ya ƙi buɗewa a layi ɗaya, wannan akwatin za a fara tambayarmu.

43/
Ga abin da muka mayar guruf a maimakonsa, ni da shi muka rubuta tare. Burauza da kwamfuta su duba ajiyarsu da hosts. In babu, su tambayi risolba. In tana da shi kuma TTL bai ƙare ba, ta amsa nan take. In babu, ITA ta fara daga mafi kusan abin da ta riga ta sani, ta bi turawa har wajen mai `aa`. In CNAME ne ta bi sabon sunan. Ta ajiye, ta miƙo lamba.

44/
Tes jibi ne ƙarfe 10. Wanda ke Wudil ko Kano a kan wani layi daban, ya yi `nslookup dyna.wikimedia.org` a laftof ya ajiye mini hoton a ƙasa, tare da layin Server ɗin. Ina so in ga ko duk cibiya ɗaya ake tura mu.